Kuɗin ko-ta-kwana: Wata nawa ya kamata ka tanada, kuma a ina za ka ajiye su?

A ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. A mafi yawan waɗannan watanni takwas gwamnati ta riƙe albashin malaman. Mutane ne masu aikin gwamnatin tarayya, irin aikin da ake cewa albashinsa ba ya yankewa.

Watanni kaɗan bayan haka, a farkon 2023, aka shiga wata matsalar ta daban. Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma ya kasa sayen kayan miya. Masu POS suka tsawwala caji, turawa ta waya kuma ta riƙa maƙalewa.

A matsalar farko tambayar ita ce ko abin da ka tara zai kai ka ƙarshen wahalar. A ta biyu kuwa, ko hannunka zai kai ga kuɗin a ranar da kake buƙatarsu. Duk mai son tanadin kuɗin ko-ta-kwana sai ya amsa duka biyun.

Shawarar da aka fi yawo da ita ita ce a tara na wata uku zuwa shida. Shawarar ba ta da laifi, sai dai an gina ta ne a ƙasashen da ake biyan haya wata-wata, farashi ba ya tsalle, kuma wanda ya rasa aiki gwamnati kan ba shi ɗan tallafi. Kafin ta yi wa magidanci a Kano ko Gusau amfani, dole a san wane “wata” ake nufi.

Watan kashewa ake ƙirgawa

Da yawa idan suka ji wata shida sai su ninka albashinsu sau shida, su ga adadin ya fi ƙarfinsu, su haƙura tun ba su fara ba. Abin da ake ninkawa shi ne kuɗin da gidanka ba zai iya rayuwa ba sai da su a cikin wata guda, idan an ɗaure ciki an bar duk abin da za a iya bari.

Bari mu ɗauki misalin wani magidanci, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, da mace ɗaya da 'ya'ya uku, yana zaune a gidan haya. Alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa. A ce albashinsa naira 320,000 ne.

Abinci yana cin naira 110,000 a wata. Kuɗin mota zuwa aiki da kai yara makaranta 25,000. Wutar lantarki da gas ko gawayi da ruwa 22,000. Maganin hawan jinin mahaifiyarsa da ɗan abin da yake aika mata 20,000. Katin waya da data da sabulu da ƙananan buƙatu 10,500. Waɗannan duka sun kama naira 187,500.

Nan ne lissafin mutane da dama ke tsayawa, kuma nan ne yake karyewa. Akwai manyan kuɗi guda biyu da ba sa zuwa kowane wata, shi ya sa ake mantawa da su. Hayar gidansa naira 480,000 ce a shekara, idan an raba gida 12 ta zama 40,000 a wata. Kuɗin makarantar yaran naira 90,000 ne a kowane zango, zango uku 270,000 ke nan, wato 22,500 a wata. Mai gidan haya ba zai ɗaga ranar biya ba don an sallame ka daga aiki, makaranta ma haka.

Idan aka haɗa, watan wannan magidanci naira 250,000 ne. Wata uku 750,000, wata shida miliyan ɗaya da rabi. Da albashi ya ninka, da wata shida ya kai shi naira 1,920,000, ƙarin 420,000 da babu dalilin ɗora wa kai.

A lura da abin da ba a sa ba: ɗinkin Sallah, ragon layya, gudummawar biki, sabuwar waya. Ba don ba su da muhimmanci ba, sai don ana iya rage su ko a ɗage su idan ta ɓaci. Kuma an san ranar zuwansu, abin da aka san ranarsa kuwa tanadinsa daban ne. Wanda ke taɓa kuɗin ko-ta-kwana duk Sallah, asusun Sallah yake da shi.

A lura kuma da abin da aka sa. Kuɗin mahaifiya yana ciki, domin a gidajenmu wannan ba kyauta ba ce da ake dainawa idan abu ya yi tsanani. Duk wanda kake ɗauke da nauyinsa na dindindin, ko ba a gidanka yake kwana ba, yana cikin lissafin. Haka nan duk bashin da ake cire maka kowane wata.

Hanya mafi sauƙi ta gano naka adadin ita ce ka buɗe manhajar bankinka ka duba abin da ya fita a watanni uku da suka wuce, ka haɗa da abin da ka kashe na tsaba. Kada ka dogara da ƙiyasin ka. Kusan kowa yana rage kuɗin abinci idan daga kai yake lissafi, saboda cefanen yau da gobe ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar buhun shinkafa.

To wata nawa?

Amsar tana ga wata tambaya: idan kuɗin shigarka suka tsaya yau, tsawon wane lokaci za a ɗauka kafin wani abu ya fara shigowa?

Ga ma'aikacin gwamnati, korar aiki ba ita ce babbar barazana ba. Jinkirin albashi ne, ko yajin aiki, ko a wayi gari sunansa ya faɗi daga jerin biya bayan tantance ma'aikata, ya yi watanni yana zarya kafin a mayar da shi. Bambancinsa da sauran shi ne galibi kuɗin kan dawo daga baya, kuma mai shago a unguwa ya fi sakin jiki ya ba shi bashi. Wata uku ya isa ya zama ma'auninsa. Idan yana aiki a jiha ko ƙaramar hukumar da ta saba riƙe albashi, ya duba jinkiri mafi tsawo da aka taɓa yi musu, ya ɗauke shi a matsayin adadinsa.

Sai wanda ya kusa ritaya. Tsakanin albashin ƙarshe da fara karɓar fansho akan samu tazara mai tsawo, wani lokaci fiye da shekara. Wanda ya rage masa shekara biyu ko uku ya bar aiki, lissafin wata uku ba nasa ba ne. Ya nufi na shekara guda, ya kuma tambayi waɗanda suka riga shi fita daga ma'aikatarsu wata nawa suka jira.

Ma'aikacin kamfani, irin magidancinmu, yana da wata alama a doka da za ta taimaka masa. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa, amma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Bayan wata huɗun ma akwai cike takardu da jiran amincewa. Ma'ana, a watanni huɗun farko babu wata ƙofa da doka ta buɗe masa sai abin da ya tara da kansa. Saboda haka a ganina wata huɗu ne mafi ƙarancin abin da ma'aikacin kamfani zai sa a gaba, shida kuma ya fi kwanciyar hankali. Ga magidancinmu, miliyan ɗaya ke nan a matakin farko. Wanda kamfaninsa ba ya zuba masa fansho, ko yana cirewa ba ya turawa, wannan ƙofar ma ba shi da ita, sai ya nufi shidan kai-tsaye.

Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su ne suka fi buƙatar adadi mai yawa, kuma su ne suka fi musu a kai. Hujjarsu ita ce kuɗi a cikin kaya ya fi kuɗi a kwance, kuma a ranakun lafiya gaskiyarsu ne. Matsalar ita ce abin da ke tsayar da cinikinsu shi ne yake cinye kayan. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a Kano a 2022, gobarar kasuwar Monday a Maiduguri a Fabrairun 2023, da ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024, duk sun haɗa wa mutane rashin ciniki da rashin jari a dare ɗaya. Kayan shago ba za su ciyar da gida ba a ranar da shagon ne ya ƙone. Ɗan kasuwa ya nufi wata shida na kuɗin gida, a ware su daga jari, kuma idan cinikinsa na kaka ne ko na lokacin Sallah, ya ƙara har ya rufe watannin da kasuwa ke mutuwa.

Abu biyu na iya rage adadin. Na farko inshorar lafiya mai aiki, domin rashin lafiya ce ta fi yawan fasa asusun mutane. Na biyu wata hanyar samun kuɗi da ba ta rataye da ta farko ba. Sai dai a yi hattara da wannan. Idan kai da ƙaninka da kake dogaro da shi duk a kasuwa ɗaya kuke, hanya ɗaya ce. Kuma a gidaje da dama abin da uwargida ta samu a ɗinki ko sayar da kayan ƙulli nata ne, ba a gina lissafin cefane a kansa sai an zauna an yi magana ta amince.

Yanzu ga gaskiyar da ba ta da daɗi. Idan magidancinmu yana iya ware naira 30,000 a wata, zai yi sama da wata takwas kafin ya tara na wata guda, kusan shekara uku kafin ya kai miliyan ɗaya. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, maganar wata shida kusan ba'a ce. Amma amfanin asusun ba ya jiran sai ya cika. Yawancin abin da ke jefa mutane hannun manhajojin ba da rance masu ruwa mai tsanani ba rasa aiki ba ne, abin naira 40,000 ne ko 80,000: an kwantar da yaro, injin babur ya buga, an ce a kawo kuɗin tiyata kafin a taɓa mai haihuwa. Na wata guda ya rufe mafi yawan waɗannan. Shi ne zangon farko, kuma ya fi duk na bayansa tasiri.

Inda za a ajiye su

Wurin ajiya yana da sharuɗɗa uku, kuma babu wuri guda da ya cika su duka. Ana son kuɗin su fito da sauri, ana son kada su ɓace, ana kuma son kada tsadar kaya ta cinye su. Abin da ya fi saurin fitowa shi ya fi saurin zaizayewa, abin da ya fi riƙe daraja kuma shi ya fi wuyar fitowa. Shi ya sa ake raba su gida uku.

Kaso na farko tsaba ne a gida, na kamar mako guda. Ga magidancinmu naira 60,000. Aikinsa shi ne daren da sabis ya ɗauke, ko mai adaidaita da mai kemis suka ce ba sa karɓar tiransifa. A haɗa da ƙananan takardu, kuma uwargida ta san inda suke, tunda ba lallai maigida yana gida abin zai faru ba. Kada ya wuce haka da yawa. Kuɗin gida ba su da mai biya idan ɓarawo ko gobara ko ruwa ya ci su, kuma 2023 ta nuna cewa takardar da ka ɓoye ana iya sa mata wa'adi.

Kaso na biyu asusun ajiya ne a banki, wanda zai cika na wata biyu idan an haɗa da tsabar, wato naira 440,000 a misalinmu. Muhimmin abu a nan shi ne ya zama wani banki daban da wanda albashinka ke shiga. Dalili na farko kai ne: kuɗin da kake gani duk sanda ka buɗe manhaja don sayen kati, ba za su kai watan gobe ba. Na biyu, idan manhajar banki ɗaya ta tsaya, ɗayan na aiki. Na uku, idan kana da bashi a bankin albashinka, ranar da albashi ya daina shiga bankin zai fara cire haƙƙinsa daga abin da ya tarar. Raba banki ba ya goge bashi, domin akwai tsarin da ke ba banki damar bin wanda ya ƙi biya zuwa sauran asusunsa, amma yana hana kuɗin cefanenka tafiya da cirewar farko.

Ka karɓi katin wannan asusu ka ajiye shi a gida tare da tsabar, kada ya zauna a aljihu. Ka riƙa zuba wani abu a ciki a kai a kai, domin asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba banki kan rufe shi sai ka je da kanka an buɗe, kuma ba a ranar asibiti ake son gano haka ba.

Kafin ka zaɓi bankin, ka san iyakar inshorarsa. Hukumar NDIC, mai ba da inshorar kuɗin ajiya, ta ɗaga iyakar a 2024. A manyan bankunan kasuwanci tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a kowane banki, a ƙananan bankuna na maikurofainans kuma miliyan 2. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna ƙarƙashin inshorar. Wasu manhajojin da aka saba da su, kamar Moniepoint da Kuda, da lasisin ƙaramin banki suke aiki, don haka iyakarsu miliyan 2 ce. Wata manhajar kuma ba banki ba ce sam, kamfani ne da ke karɓar kuɗinka ya kai wani wuri. Ka duba wane lasisi take da shi, ka tabbatar a shafin Babban Banki ko na NDIC, ba a tallarta ba.

An ga yadda wannan ke aiki a watan Yunin 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. NDIC ta yi amfani da lambar BVN ta gano asusun masu ajiya a wasu bankuna ta tura musu kuɗinsu har zuwa miliyan 5. Waɗanda ba su da wani asusun, ko bayanansu ba su daidaita ba, sai da suka bi layin tantancewa. Masu sama da miliyan 5 kuwa sun jira a sayar da kadarorin bankin, sai a 2025 aka fara biyansu wani kaso na ragowar. Abin ɗauka a nan shi ne inshora na dawo da kuɗi, amma ba a ranar ba. Ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne a duk asusunka da BVN ɗinka. Idan ka manta lambar, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi zai nuno ta, ana cire ɗan caji.

Kaso na uku shi ne ragowar, naira 500,000 a misalinmu, kuɗin da ba za a buƙata ba sai bayan wata biyu da fara matsala. Tunda akwai wannan tazarar, ana iya sa su inda za su ɗan haihu, muddin za su fito cikin kwanaki kaɗan. Kamfanonin kula da jari da ke da rajista da hukumar SEC suna da asusun haɗaka na gajeren zango, wanda a manhaja za ka ga an rubuta Money Market Fund. Ribarsa ta saba fin ta asusun ajiya na banki, kuma kuɗin kan fito cikin ranakun aiki kaɗan. Sai dai akasarin ribar daga kuɗin ruwa take. Wanda ke guje wa ruwa yana da zaɓi biyu: asusun mudaraba a bankunan Musulunci, inda ake raba riba, ko asusun haɗaka na halal da ke zuba kuɗi a sukuk da makamantansa.

Tambayoyi uku za ka yi kafin ka zuba. Kwana nawa kuɗi ke ɗauka su fito? Akwai mafi ƙarancin lokacin da dole su zauna, kuma me ake cirewa idan an fasa kafin lokacin? Sannan uwar kuɗin na iya raguwa? A sani kuma asusun haɗaka ba ajiyar banki ba ne, inshorar NDIC ba ta rufe shi. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa ba a zuba duka a nan.

Wuraren da suka yi kama da ajiya

Adashi hanya ce mai kyau ta tarawa, amma ba ta ajiyewa ba. Kwasarka na da rana, rashin lafiya kuma ba ta duba jerin suna. Abin da ya dace shi ne idan ka kwasa, ka zuba a asusun. A tuna kuma idan ka riga ka kwasa, zubin da ya rage bashi ne a kanka, sai ya shiga lissafin watanka.

Dabba da hatsi su ne bankin kakanninmu, kuma har yanzu suna da wurinsu, musamman a karkara. Buhun masara ko gero da iyali za su ci yana rage kuɗin abinci kai-tsaye, don haka ana iya ƙirga shi cikin tanadi. Wanda aka ajiye don a sayar kuwa kasuwanci ne. Waɗanda suka ɓoye hatsi da tsada a ƙarshen 2024 sun ga yadda farashi ya sauko a 2025. Rago kuma sai ranar kasuwa, kuma dillali yana gane fuskar wanda ke da mara lafiya a asibiti.

Zinare ya fi su saurin komawa kuɗi, yana kuma riƙe daraja idan aka daɗe. Amma tsakanin farashin saye da na sayarwa akwai giɓi, kuma kuɗin ƙira ba ya dawowa. Ya dace da abin da ya haura wata uku ko huɗu, ba kason farko ba. Sarƙar uwargida kuma, kamar kuɗin sana'arta, ba asusun maigida ba ce.

Dala ta ja hankalin mutane tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Sai dai tana tafiya gaba da baya. A Fabrairun 2024 ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200. Wanda ya saya a saman kuma buƙata ta same shi a Afrilu ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Mai biyan kuɗin makaranta ko magani a waje yana da dalilin riƙe ta. Wanda cefanensa da hayarsa da naira ne, mafi yawan tanadinsa ya zauna a naira.

Fili, hannun jari da sukuk na gwamnati mai wa'adin shekara bakwai ko goma duk dukiya ce, amma ba ta ranar gaggawa ba. Su kuwa masu alƙawarin riba mai tsoka cikin wata guda, daga MMM da ta rufe a Disambar 2016 zuwa CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, ba sa cikin wannan magana ko kaɗan.

Asusun da ke raguwa ba a taɓa shi ba

Saura matsalar da shawarar ƙasashen waje ba ta cika damuwa da ita ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Alƙaluman sun sauko daga baya, amma saukar hauhawa na nufin kaya na ƙara tsada a hankali ne, ba sun koma farashin da ba.

Ga yadda abin ke taɓa magidancinmu. A ce ya tara naira 750,000, na wata uku cif. Idan kuɗin gidansa suka ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekara, watansa ya koma naira 312,500. Kuɗin nan da bai taɓa ba yanzu na wata biyu ne da kwana 12. Ko da banki ya ba shi ribar kashi 8, suka zama 810,000, ba su kai wata biyu da kwana 20 ba. Adadin da ke allon waya ya ƙaru, kwanakin da zai ciyar da gida sun ragu.

Don haka da watanni ake auna asusun, kuma ana sake awon. Sau biyu a shekara ya wadatar, sai kuma duk lokacin da aka ƙara haya, aka yi haihuwa, ko yaro ya shiga sakandare. Ka sake haɗa kuɗin wata, ka raba abin da ke asusun da shi. Idan amsar ta faɗo ƙasa da adadin da ka sa wa kanka, zubi bai ƙare ba.

Wannan lissafi ne kuma ke nuna inda ya kamata a tsaya. Tunda kuɗin da ke kwance suna zaizayewa, tara na wata 12 ga mai albashin da ba ya yankewa asara ce. Idan ka kai adadinka, abin da ya biyo baya ya tafi jari ko biyan bashi. Wanda tanadinsa ya yi yawa har, haɗe da sauran kuɗinsa, ya kai nisabi kuma ya shekara, zakkar kashi 2.5 cikin 100 ta hau kansa, ko da sunan ko-ta-kwana ya ajiye su.

Idan kuma ranar ta zo aka taɓa kuɗin, ana bin su ne daga na kusa. A fara da tsaba, a koma asusun banki. Idan matsalar ta tsayawar albashi ce, a nemi fitar da kaso na uku tun kason banki bai ƙare ba, saboda kwanakin da yake ɗauka. Idan abubuwa suka daidaita, tsabar gida ake fara mayarwa, sannan na banki.